Takardar miƙa aiki da ta bayyana manhaja ta manta da abin da ke gudana da dare

## Yadda aikin yake kafin a miƙa shi

Wani injiniyan manhaja mai zaman kansa ya yi wata takwas yana gina wa wani ƙaramin kamfani manhajar yanar gizo. Kamfanin yana sayar wa 'yan kasuwa tsarin karɓar oda da fitar da rasit, kuma kowane ɗan kasuwa da ya yi rajista yana samun nasa adireshin a ƙarƙashin sunan kamfanin, irin su `shago1.example.com` da `shago2.example.com`. A lokacin da kwangilar ta ƙare, irin waɗannan adireshi sun kai wajen arba'in.

Komai yana kan saba guda ɗaya mai Debian. A gaba akwai nginx mai karɓar masu buɗe shafin, a baya rumbun bayanai na PostgreSQL, kod ɗin kuma yana cikin ma'ajiyar Git da kamfanin ya mallaka. Injiniyan shi kaɗai ya yi aikin daga tushe, don haka tun ranar farko ya buɗe wa kansa asusu a sabar mai suna `dev`, ya riƙa yin komai daga cikinsa. Duk wanda ya taɓa aiki shi kaɗai ya san yadda hakan ke faruwa: abin da aka ɗora don a gwada yau, idan ya yi aiki, nan yake zama.

Kamfanin ya ɗauki wata injiniya da za ta ci gaba da kula da manhajar. A nan za a kira shi mai miƙawa, ita kuma mai karɓa. Yarjejeniyarsu ta ce zai ba da takardar miƙa aiki, sannan ya amsa tambayoyi na kwana 14, daga nan kowa ya kama gabansa. Duk ranakun da ke ƙasa an ƙirga su ne daga ranar miƙawa.

## Ranar miƙawa

Takardar shafi shida ce, kuma wanda ya karanta ta ba zai ce an yi ta da ha'inci ba. Ta bayyana yadda aka raba kod ɗin, da teburan rumbun bayanai da alaƙarsu, da yadda ake kunna manhajar a kwamfutar mutum, da matakan ɗora sabon gyara a sabar. Har da jerin matsaloli bakwai da ya sani bai gyara ba, kowace da dalilinta. Kalmomin sirri ba sa ciki, ya miƙa su ta manhajar adana sirri ta kamfanin, yadda ya kamata.

Game da kwafin ajiya da satifiket na HTTPS, layi biyu kawai ta ƙunsa:

"Ana ɗaukar kwafin rumbun bayanai kowane dare kai tsaye. Satifiket ɗin yana sabunta kansa, ba sai an taɓa ba."

A ƙarshenta ya ƙara shawarar cewa a rufe dukkan ƙofofinsa da zarar an tabbatar sabuwar injiniya ta iya shiga. Mai karɓa ta kunna manhajar a kwamfutarta cikin rabin yini, ta ɗora ƙaramin gyara ya tafi lafiya, ta gaya wa mai kamfanin cewa takardar ta wadatar.

## Kwana na 3: rufe ƙofofi

Ta bi shawarar. Ta cire shi daga ma'ajiyar Git, mai kamfanin ya cire shi daga asusun da ke kula da DNS, ita kuma ta janye masa izinin `sudo`, sannan ta rufe asusunsa na sabar da wannan umarni:

```
usermod -L -e 1 dev
```

Ta zaɓi wannan hanya da saninta. `-L` yana kulle kalmar sirri ne kaɗai, mai mabuɗin SSH zai iya ci gaba da shiga. `-e 1` shi ke sa ranar ƙarewar asusun ta zama ta wuce tuntuni, sai tsarin ya ƙi shi ta kowace hanya. Ba ta goge asusun ba, ta bar fayilolinsa a wurinsu ko za a buƙace su wata rana.

Shafin ya ci gaba da aiki. A cikin kwana 14 na tallafi ta yi masa tambayoyi kaɗan, duk a kan lissafin rangwame da yadda ake fitar da rasit. Ya amsa, wa'adin ya cika, suka yi sallama.

## Kwana na 3 zuwa na 79: abin da ba wanda ya gani

Layukan nan biyu na takardar gaskiya suka faɗa a ranar da aka rubuta su. Abin da ba su faɗa ba shi ne wanda ke yin aikin. Duka biyun suna cikin jadawalin asusun `dev` na cron, tsarin da ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara masa:

```
30 2 * * * /home/dev/bin/backup.sh
14 4 * * * /home/dev/.acme.sh/acme.sh --cron --home /home/dev/.acme.sh > /dev/null
```

Na farko yana ɗaukar kwafi da `pg_dump` da ƙarfe 2:30 na dare, ya tura shi wata ma'ajiya a wajen sabar. Na biyu na acme.sh ne, kayan aikin da ke sabunta satifiket, wanda idan aka girka shi yana zama a gidan asusun da ya girka shi, ya kuma rubuta layinsa a jadawalin wannan asusun. Ba ɗaya daga cikin layukan da ke cikin Git, haka ma `backup.sh`.

Kafin cron na Debian ya gudanar da aikin wani asusu, sai ya tambayi PAM, tsarin tantance asusu, ko asusun yana da rai. Asusun da wa'adinsa ya ƙare ba a gudanar masa da komai. Jadawalin yana nan daram, `crontab -l -u dev` zai nuna shi kamar kullum, sai dai ba abin da ke motsi. Alamar kawai tana cikin kundin sabar, layi irin wannan sau biyu a kowane dare:

```
pam_unix(cron:account): account dev has expired (account expired)
```

Ba wanda ke karanta wannan kundi idan shafi yana buɗewa. Gargaɗi ta imel ma bai zo ba, kuma ba zai zo ba. Cron yana aika imel ne idan aiki ya gudana ya fitar da wani rubutu, kamar saƙon kuskure. Aikin da bai tashi ba sam ba shi da abin faɗa. Ko da ya aika, adireshin da ke `MAILTO` na mai miƙawa ne.

Daga nan abubuwa biyu suka fara ƙirga kwana, kowane da nasa agogon.

Kwafi na ƙarshe an ɗauke shi a daren wayewar kwana na 3. Ma'ajiyar waje tana da doka cewa duk fayil ɗin da ya kwana 30 a goge shi, don kada wuri ya cika. Dokar tana can gefen ma'ajiyar, ba ruwanta da asusun `dev`, saboda haka ta ci gaba da aikinta. Kullum tana cire kwafi ɗaya, ba a kawo sabo. Wajen kwana na 33 ta goge na ƙarshe. Daga ranar, oda da rasit na 'yan kasuwa arba'in suna wuri ɗaya tak a duniya, wato faifan wannan saba.

Satifiket ɗin kuwa na Let's Encrypt ne, mai kwana 90. An sabunta shi kwana 10 kafin miƙawa, ke nan zai ƙare a kwana na 80. An saita sabuntawa ta zo bayan kwana 60 da fitarwa, wato kwana na 50, a bar ratar wata guda ko da wani abu ya faskara. Kwana na 50 ya zo ya wuce. Da can Let's Encrypt takan aika imel ta tunatar idan satifiket ya kusa ƙarewa, amma ta daina hakan daga 4 ga Yuni 2025, wannan lamari kuma bayan nan ya faru.

## Kwana na 80: shafin ya rufe

Da safe 'yan kasuwa suka fara kira. Burauza tana nuna jan gargaɗi, a Chrome da lambar `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID`. Mai karɓa ta tabbatar da abin cikin minti biyu:

```
echo | openssl s_client -connect example.com:443 -servername example.com 2>/dev/null | openssl x509 -noout -enddate
```

Ranar da ya nuna ta cika da asubahin nan. Gano ciwon bai yi wuya ba, maganin ne ya ci awa tara.

Mai kamfanin ya fara ba da tasa shawarar: a cire makullin HTTPS gaba ɗaya, mutane su shiga ta HTTP kafin a gyara. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ko mun yarda da haɗarin, burauzarsu ba za ta yarda ba." Shafin yana aika umarnin HSTS na shekara guda, har da ƙananan adireshi. Duk burauzar da ta taɓa buɗe shi ta riƙe cewa sai ta HTTPS kawai, kuma a irin wannan hali ba ta ba mutum maɓallin tsallake gargaɗi. Takardar ba ta ambaci wannan ba, ta gan shi ne a saitin nginx.

Sai ta girka certbot, kayan aikin da ta saba da shi, ta nemi sabon satifiket. Na `example.com` ya fito nan take, shafin gaba da ɓangaren ma'aikata suka buɗe. Adireshin 'yan kasuwa ba su buɗe ba, domin tsohon satifiket ɗin mai tauraro ne, `*.example.com`, wanda ke rufe duk wani suna da ke mataki ɗaya a ƙasa. Let's Encrypt ba ta bayar da irin wannan ta hanyar ajiye fayil a sabar. Dole sai an nuna mallaka ta DNS, a rubuta bayanin TXT a `_acme-challenge.example.com`. Tana iya jera sunaye arba'in ɗin a satifiket ɗaya, tunda iyakar ɗari ce, amma duk ɗan kasuwar da ya yi rajista gobe zai tarar da ƙofarsa a kulle. Ta ajiye wannan a matsayin mafita ta ƙarshe, ta shiga neman abin da ke sabuntawa a da.

Ba ta same shi a Git ba, ba ta same shi a `/etc/cron.d` ba, `systemctl list-timers` ma bai nuna komai ba. Hanyar fayil ɗin satifiket a saitin nginx ce ta sa ta leƙa gidan `dev`, ta ga `.acme.sh`, daga nan ta duba jadawalinsa. A lokacin ne idonta ya faɗa kan layin da ke sama da shi, na `backup.sh`. Ta buɗe ma'ajiyar waje ta tarar da ita fayau. Ta ajiye maganar satifiket, 'yan kasuwa na ta kira, ta ɗauki kwafi da hannu ta fitar da shi daga sabar tukuna. Kwana 47 ke nan ba kwafi ko ɗaya.

Ta dawo da asusun na ɗan lokaci da `chage -E -1 dev`, ta umarci acme.sh ya sabunta. Ya ƙi. Mabuɗin da yake amfani da shi wajen rubuta TXT, mai miƙawa ne ya ƙirƙire shi da sunansa a asusun DNS. Ranar da aka cire shi daga can, mabuɗin ya rasa ikonsa. Wato ko da cron bai tsaya ba, sabuntawar kwana na 50 ba za ta yiwu ba. Sabon mabuɗi sai mai kamfanin, shi ke da lambar tabbaci a wayarsa, shi kuma yana kan hanya. A nan mafi yawan awannin suka tafi.

Da mabuɗin ya zo, satifiket ya fito, amma a adireshin 'yan kasuwa `openssl` ya ci gaba da nuna tsohuwar rana. Bayan sabuntawa acme.sh yana sake loda nginx ta `sudo`, izinin da aka janye tun kwana na 3. Fayil ɗin ya sabunta a faifai, nginx kuwa yana riƙe da tsohon a ƙwaƙwalwarsa. Ta buga `systemctl reload nginx` daga nata asusun, shafuka suka dawo da yamma. Bayanai ba su ɓata ba.

## Kwana na 81 zuwa na 88: takarda ta biyu

Ta rubuta wa mai miƙawa, ba da faɗa ba: "Malam, barka da aiki. Jiya satifiket ya ƙare, na kuma ga kwafin ajiya ya tsaya tun ranar da na rufe asusunka. Na gyara su. Abin da nake tsoro shi ne wanda ban gani ba tukuna. Ko akwai sauran abin da ke rataye da sunanka?"

Ya kira ta cikin awa guda. Ya ce mata, "Malama, wallahi na san suna gudana, ban taɓa kawowa a raina cewa da sunana suke gudana ba." Mai kamfanin ya yarda ya biya shi kwana uku na aiki don a cike giɓin.

Ya zauna ya rubuta duk abin da ya tuna, aka samu shafi 14. Ya yi bayanin acme.sh dalla-dalla, da dalilin zaɓen satifiket mai tauraro, da tarihin yadda aka saita nginx. Mai karɓa ta karanta, sannan ta ɗauki jerin kuɗin da kamfanin ke biya duk wata ta gwada shi da ayyukan waje da manhajar ke kira. Ɗaya bai fito a jerin ba: kamfanin da ke aika imel na rasit. Ta tambaye shi. Ashe da imel ɗinsa ya buɗe asusun a watan farko, a tsarin kyauta, ya manta da shi domin bai taɓa ba shi matsala ba. Shafi 14 ba su ambace shi ba.

Rubutu daga ƙwaƙwalwa yana kawo abin da ya wahalar da mutum ne. Abin da aka saita cikin minti goma ya yi ta aiki wata takwas ba ya zuwa rai, kuma shi ne ainihin abin da mai karɓa ba za ta iya ganowa daga kod ba.

## Kwana na 89 zuwa na 95: takarda ta uku

Mai karɓa ta sauya tsarin. Ta ce kada ya sake rubuta komai daga kansa. Za su tambayi injin, shi kuma ya yi bayanin abin da injin ya nuna. Suka raba allo, ta buga:

```
for u in $(cut -d: -f1 /etc/passwd); do echo "== $u"; crontab -l -u "$u" 2>/dev/null; done
systemctl list-timers --all
grep -r "/home/dev" /etc 2>/dev/null
```

Na ƙarshen ya nuna duk wani saiti da ke nuni zuwa gidansa. Sannan suka bi fayil ɗin `.env` layi-layi, kowane mabuɗi da tambaya uku: na wane kamfani ne, da imel ɗin wa aka buɗe asusun, wa zai iya ƙirƙirar sabo idan wannan ya mutu. Suka bi bayanan DNS su ma, domin kowane layi a can yana nuni da wani aiki da ake dogaro da shi. An samu abubuwa tara da ke wajen Git, biyar daga cikinsu a rataye da sunansa ko imel ɗinsa. Har da `.pgpass` da ke gidansa, inda `pg_dump` ke ɗaukar kalmar sirrin rumbun.

Kowane ɗaya ya samu sakin layi nasa. Ga na kwafin ajiya yadda ya fito bayan an mayar da aikin wani asusu da ba na mutum ba:

"Kwafin rumbun bayanai. Yana tashi 2:30 na dare daga `/etc/cron.d/app-backup`, da asusun `appsvc`. Rubutunsa yana Git a `ops/backup.sh`. Yana tura fayil zuwa ma'ajiyar waje ta kamfani, wadda ke goge duk abin da ya kwana 30. Idan ya tsaya, shafin ba zai nuna komai ba. Yadda za ki sani: duba ranar fayil mafi sabunta a ma'ajiyar, kada ta wuce ta jiya. Idan awa 26 ta wuce bai buga wa mai gadi ba, saƙo zai zo adireshin gargaɗi na kamfani. Yadda ake mayarwa yana sashe na 4."

Mai gadin nan shi ne ya toshe ramin da cron ya bari. Wani aiki ne a wajen sabar da ke jiran `backup.sh` ya taɓa wani adireshi duk lokacin da ya gama lafiya. Idan shiru ya wuce wa'adi, sai ya yi kuka. An ba da awa 26 ne don a bar ratar awa biyu ga daren da kwafin ya yi jinkiri. Ga satifiket kuma aka sa dubawa ta kullum daga waje, ta yi gargaɗi idan saura kwana 21. Tunda sabuntawa tana zuwa ne saura kwana 30, kaiwa 21 na nufin an yi kwana tara ana kasawa, kuma akwai sauran mako uku na gyara. Duka saƙonnin suna zuwa adireshin da kamfani ya mallaka, mutum biyu na karantawa.

An ƙara shafi ɗaya na ranaku: yaushe satifiket zai sabunta, yaushe rajistar sunan yanki za ta ƙare da katin wa za a caza, wane mabuɗi ne ke da wa'adi.

## Kwana na 96: gwaji

Ta buɗe sabuwar saba wadda ba komai a kanta. Sharaɗin shi ne ta tayar da manhajar daga Git, da kwafin daren jiya, da takardar kawai. Mai miƙawa yana kallo, ba ya magana. Duk inda ta tsaya, ba zai ba ta amsa da baki ba, sai ya rubuta a takardar, ta karanta ta ci gaba.

Tsayawa ta farko ta zo wajen mayar da rumbun. `pg_restore` ya yi ta jefo kuskure iri ɗaya:

```
ERROR:  role "app" does not exist
```

`pg_dump` yana ɗaukar rumbu ɗaya da abin da ke cikinsa, amma ba ya ɗaukar asusun masu amfani na PostgreSQL, domin su na sabar rumbun ne gaba ɗaya. A tsohuwar saba asusun `app` yana nan tun ranar farko, shi ya sa ba a taɓa lura ba. Aka ƙara `pg_dumpall --globals-only` a rubutun ajiyar, aka rubuta cewa shi ake fara mayarwa.

Ta biyu ta fi tsanani. Manhajar ta tashi, oda da rasit duk suna nan, amma hotunan kaya da tambarin shaguna babu ko ɗaya. Rumbun yana riƙe da sunayen fayilolin ne kawai, su kansu suna cikin wata jaka a faifan sabar, kuma ba a taɓa ɗaukar kwafinta ba, har a zamanin da cron ke aiki lafiya. Mai miƙawa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya buɗe `ops/backup.sh` ya ƙara jakar.

Sauran tsayawar ƙanana ne, wani mabuɗi da ke `.env` amma babu shi a `.env.example`, da wani kunshi da ya taɓa girkawa da hannu. Gwajin ya ci awa shida. Washegari ta maimaita shi ita kaɗai a wata sabuwar saba, ta gama cikin minti 70.

Rufe asusun `dev` karo na biyu an yi shi da safe. Kwana biyu a jere ta duba ranar kwafi a ma'ajiya da `journalctl -u cron`, sannan aka sallami mai miƙawa.

## Bayan haka

Satifiket ɗin da aka fitar a kwana na 80 ya sabunta da kansa a kwana na 140, ta tabbatar da `openssl`. Mai gadin kwafi ya yi kuka sau ɗaya a tsakanin, daren da faifan sabar ya cika `pg_dump` ya kasa rubutu. Kafin azahar an gyara. Takarda ta uku shafi biyar ce, ta fi ta farko gajarta, domin an kwashe bayanin kod an mayar da shi cikin Git kusa da kod ɗin.

## Hukunci

Takarda ta farko ta zuba ƙarfinta a inda mai karɓa ba ta da buƙata sosai. Injiniyar da ta san aikinta za ta karanta kod ta gane tsarinsa ko ba a gaya mata ba. Jadawalin cron na wani asusu, da mabuɗin da aka ƙirƙira da sunan wani, da dokar gogewa a wata ma'ajiya, waɗannan ba a karanta su a ko'ina. Kuma kalmomin "kai tsaye" da "yana sabunta kansa" sun fi rashin faɗa illa a wannan lamari, domin sun sa ta cire abin daga lissafinta. Da ya rubuta sunan asusun a gefen layukan nan biyu, da ba ta rufe shi haka ba.

Rufe asusun ba kuskure ba ne, barin ƙofar wanda ya tafi a buɗe ya fi haɗari. Abin da za a iya ɗora mata shi ne ta karɓi maganar kwafin ajiya ba tare da ta buɗe ma'ajiyar ko sau ɗaya cikin kwana 77 ba, alhali aikin minti ɗaya ne. Gwajin da ta yi a ranar miƙawa, kunna manhaja da ɗora gyara, ya gwada abin da takardar ta bayyana ne kawai, don haka ba yadda zai nuna abin da ta tsallake.

Wa'adin tallafi na kwana 14 ma bai dace da aikin ba. Yana kama tambayoyin kod, amma ya gaza da nisa ga abin da ke zagayowa bayan kwana 30 ko 60 ko shekara. Mai kamfanin ba zai biya mutum ya zauna jiran wata uku ba, kuma ba sai ya yi ba. Ana iya tilasta sabuntawa a makon miƙawa daga sabon asusu da sabon mabuɗi a ga ta yi, ana iya mayar da kwafi a saba marar komai. Da an yi waɗannan biyun cikin kwana 14 ɗin, bayan rufe asusunsa, da mutuwar mabuɗin DNS da tsayawar kwafi da rashin hotuna duk sun fito yana nan, a kuɗin kwana ɗaya na aiki.

Akwai abin da wannan hanya ba ta kamawa. Injin yana nuna abin da aka saita a kansa, ba ya nuna aikin da mutum ke yi da hannu. Mai miƙawa yakan share wani teburin kundi duk bayan 'yan makonni idan ya ga ya yi girma, bai taɓa ɗaukar hakan a matsayin aiki ba, kuma ba umarnin da zai fito da shi. Teburin nan ne ya cika faifan a daren da mai gadi ya yi kuka.